Mai lallen da ba ta taɓa rubuta "lalle" ba

Ƙanwata, 'yar goggona, tana yin lalle a Tunfure cikin garin Gombe. Hannunta yana da kyau, wannan ba yabon ɗan'uwa ba ne, don na ga amaryar da aka kawo daga Kumo takanas saboda ita. Tana zanen baƙin lalle, tana ƙunshin ja na salatif, kuma idan biki ya matso takan wuni a gidan amarya tun hantsi har bayan isha'i. Amma duk aikin da take samu ta bakin mutane yake zuwa: wadda aka yi wa ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa yayarta. Shafinta na Instagram, wanda ta shekara biyu tana ƙona masa data, bai taɓa kawo mata ko mutum ɗaya da ba ta sani ba.

Abin da ya tayar da maganar wani biki ne a unguwarsu. Dangin ango sun zo daga Yola, suka sauka gida uku tsakaninsu da gidan goggo, suka kuma ɗauko mai lalle tun daga Jekadafari ta yi musu. Da ƙanwata ta tambayi ɗaya daga cikin 'yanmatan yadda aka yi suka san waccan, sai yarinyar ta ce ai tun suna mota ta buɗe TikTok ta rubuta lalle da sunan garin, wadda ta fara fito mata ita ta kira. Da daddare sai ga wayarta.

"Yaya, kai da kake wa masu shaguna aikin shafi, ka duba min nawa mana. Ko dai an rufe ni ne?"

Ba a rufe ta ba. Washegari da na je, ban ma karɓi wayarta ba tukuna. Na ari ta wata 'yar maƙwabta da ba ta bin shafin, na shiga gurbin nema na Instagram na rubuta `lalle gombe`. Ba ta fito ba. Na gwada `kunshi gombe`, na gwada `henna gombe`, shiru. Dalilin aron wayar shi ne manhajar tana la'akari da wanda yake neman: shafukan da kake bi da waɗanda ka saba leƙawa su take fara turo maka. Mai sana'a da ya nemi kansa a wayarsa zai ga kansa a sama, ya kwanta da murna, alhali baƙo bai ga komai ba. Ƙanwata ta sha yin wannan gwajin a tata wayar, shi ya sa ta ɗauka komai lafiya.

Da na buɗe shafin sai na ga inda gizo ke saƙa. Sunan shafin wani laƙabin Turanci ne da ƙawayenta suka sa mata tun sakandare, an haɗa shi da shekarar haihuwarta. A gurbin suna ta sake maimaita laƙabin, da irin haruffan adon nan masu lanƙwasa da ake kwafowa daga wasu shafuka. A gurbin bayani akwai addu'a da zane-zanen zuciya. Hotuna kuwa sun haura ɗari biyu, hannuwa da ƙafafu gwanin sha'awa, amma ƙarƙashin kowanne abu ɗaya ne: "Alhamdulillah", sai jerin hashtag wajen talatin irin su `#viral`, `#explorepage`, `#fyp`, `#love`. Na bi shafin daga sama har ƙasa ina neman kalmar lalle, ban same ta ko sau ɗaya ba. Gombe ma haka.

Ta ce, "To ai hoton ya nuna lalle ne, Yaya. Sai na faɗa?"

Sai kin faɗa. Mai nema kalmomi take rubutawa, kuma abin da manhaja ta fi dogara da shi wajen ba ta amsa shi ne ta haɗa kalmomin nan da rubutun da ke jikin shafuka. Wannan ba hasashena ba ne. A shekarar 2021 shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya fitar da bayani kan yadda neman yake aiki, inda ya ce rubutun da mutum ya shigar shi ne ma'auni mafi nauyi, ana gwada shi da sunan shafi, da bayanin mai shafi, da rubutun ƙarƙashin hoto, da hashtag, da wuraren da aka maƙala. Bayan haka ne ake duba halayyar mai neman, sannan farin jinin abin da aka samo. Ya kuma ba da shawara a sa kalmomin da hashtag ɗin a cikin rubutun ƙarƙashin hoton, kada a kai su wajen sharhi.

Akwai dalilin da ya sa mutane irin ƙanwata suka maƙale wa hashtag. Kafin ƙarshen 2020, gurbin neman Instagram sunaye da hashtag da wurare kawai yake ganewa. Idan kana so a same ka da wani batu, dole ka sa masa alamar #. A watan Nuwamba na shekarar ne kamfanin ya fara barin mutane su nemi abu da kalma zalla, da farko ga masu Turanci a ƙasashe shida, daga baya abin ya faɗaɗa. Wato darasin da aka koya mata na zamanin da ya wuce ne, kuma waɗanda suka koya mata ba su sabunta shi ba. A gefe guda kuma su masu neman sun canja hali. A 2022 wani babban jami'in Google, Prabhakar Raghavan, ya ce bincikensu ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na matasa idan suna neman wurin cin abincin rana, TikTok ko Instagram suke buɗewa, ba taswirar Google ba. Matasan Amurka yake nufi, ba na Gombe ba. Amma yarinyar nan ta Yola abin da ta yi ke nan a cikin mota, kuma ga lalle dalilin a fili yake: ba wadda za ta miƙa hannunta ga mai zane ba tare da ta ga zanen ba.

Aikin farko da muka yi bai shafi waya ba. Na ce ta buɗe saƙonninta na WhatsApp ta karanto min yadda kwastomomi suke tambayarta. Nan muka daɗe, domin nan ne ainihin maganar take. Ita tana kiran kanta da sunan Turanci na masu zanen jiki, amma masu rubuto mata cewa suke "nawa ne lallen amarya", "kina zuwa gida", "ja da baki hannu da kafa", "kunshin sallah". Wasu sun rubuta `lalle`, wasu `lalli`. 'Yan jami'a, musamman waɗanda ba Hausawa ba, `henna` suke rubutawa. Manyan mata sun fi cewa ƙunshi, kuma ko ɗaya daga cikinsu ba ta sa ƙ mai lanƙwasa ba.

Wannan na ƙarshe ya dame ni, ni da nake son a rubuta Hausa daidai. A wajen na'ura ƙ da k haruffa biyu ne daban, don haka `#ƙunshi` da `#kunshi` ɗakuna biyu ne, kuma jama'a suna cikin na biyun, tunda yawancin mutane da madannin Turanci suke rubutu. Muka yanke cewa a cikin jimla za ta iya rubuta ƙunshi yadda ya dace, amma a suna da hashtag sai ta bi yadda ake bugawa. Haka kuma alamar nan ta ɗauri da ke cikin sana'a ko 'yanmata tana yanke hashtag. Wanda ya rubuta `#sana'a`, abin da zai yi shuɗi `#sana` ne kawai, sauran ya faɗi ƙasa. Tazara ma haka take yi. Haruffan adon da ta sa a sunanta su ma irin wannan matsalar ce, ido yana karanta su a matsayin haruffa, amma a tsarin na'ura alamomi ne na daban da waɗanda ke kan madanni, shi ya sa na ce a cire su gaba ɗaya.

Bayan saƙonnin, sai muka koma gurbin neman kansa muka saurare shi. Idan ka fara rubuta kalma a TikTok, yana jero maka yadda wasu suka ƙarasa ta, kuma cikin sakamakon yakan nuna wani sashe mai suna `Others searched for`. Muka rubuta lalle muka tsaya, muka rubuta `henna` muka tsaya, muna kwafe abin da ya fito a bayan littafin da take rubuta sunayen masu biki. Duk wanda bai shafi aikinta ba muka soke shi. Abin da ya rage bai kai kalmomi goma ba, kuma sun ishe ta.

Sai batun sunan garin, wanda ban taɓa kawo shi a rai ba sai ranar. Ta ce tunda Gombe ce matsalar, bari ta riƙa sa `#gombe` a komai. Muka buɗe shi don mu gani. Ga hotunan garinmu, amma cakuɗe da wasu rubuce-rubuce na Faransanci da dogayen gine-gine, don akwai wata babbar unguwa mai suna Gombe a Kinshasa, babban birnin Kwango. Ga kuma birai a daji, saboda gandun dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya inda Jane Goodall ta yi bincikenta. Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe da birai za a haɗa mata amare. Sunan garin shi kaɗai ba ya cewa komai. Sai an jingina shi da sana'ar, kamar `#lallegombe` ko `#gombehenna`, ko kuma ya zo cikin jimla kusa da kalmar lalle, sannan yake ware ta daga Kinshasa.

Gyaran shafin bai ɗauki rabin awa ba. A `Edit profile` akwai gurbi biyu da mutane ke rikitawa: `Username`, wato adireshin shafin, da `Name`, sunan da ke fitowa da kauri. Ba mu taɓa na farko ba, domin tsofaffin kwastomomi da shi suka san ta. Na biyun muka mayar haka, bayan sunanta na yanka:

```
Lalle Gombe | Kunshi | Henna
```

A nan na yi kuskuren da har yanzu take min gori a kai. Instagram sau biyu kawai yake bari a canja wannan sunan cikin kwana 14. Na farko na buga `Gombr` don sauri, na gyara, sai ta ce a ƙara "amarya". Ƙofa ta riga ta rufe, sai da muka jira mako biyu. Duk mai shirin yin wannan ya fara rubuta sunan a takarda.

Gurbin `Bio` haruffa 150 yake ɗauka. Addu'ar ta koma layi ɗaya gajere, sauran muka cika shi da abin da mai nema take son sani: lallen amarya da na sallah, ja da baƙi, Tunfure, ana zuwa gida cikin garin Gombe, a yi magana ta WhatsApp. Muka mayar da shafin na sana'a don ta samu `Insights`, wato alƙaluman masu ganin shafin, muka kuma tabbatar a buɗe yake, domin shafin da aka kulle hotunansa ba sa fitowa a nema.

Hotunan su ne aikin da ya ci kwanaki. Ban ce ta goge ko ɗaya ba, tunda ana iya gyara rubutun ƙarƙashin hoto bayan an ɗora. Ta zaɓi ashirin mafi kyau ta sake musu bayani, kowanne da abin da ke cikinsa. Ga irin wanda ta rubuta:

```
Lallen amarya, ja da baki, hannu da kafa.
An yi shi a gidan biki a Pantami, Gombe. Bridal henna in Gombe.
#lallegombe #lallenamarya #gombehenna #kunshi
```

Hashtag huɗu, kowanne yana faɗin abu ɗaya na gaskiya game da hoton. Shafin da Instagram ke ba masu ɗora abubuwa shawara a kai ya ce tun 2021 uku zuwa biyar sun wadatar, kuma a Disamban 2024 kamfanin ya cire damar bin hashtag kamar yadda ake bin mutum. Mosseri da kansa ya sha faɗa cewa hashtag ba ya ƙara yawan masu gani sosai, aikinsa nuna abin da hoton ya ƙunsa. Ni a wurina hashtag yanzu kamar rubutun da ake yi a jikin buhu ne a kasuwar hatsi, yana gaya wa mai ɗauka wake ne ko masara. Idan ka rubuta wa buhu `#viral`, ba ka gaya masa komai ba, ka kuma jefa shi cikin tsibin da miliyoyin mutane ke zuba nasu.

A TikTok ta buɗe sabon shafi da sunan da ya ƙunshi lalle da Gombe tun farko. Can akwai ƙarin wuri ɗaya mai muhimmanci, wato rubutun da ake ɗorawa a kan bidiyon da kayan rubutun manhajar. Na ce a daƙiƙun farko na kowane bidiyo ta sa "lallen amarya a Gombe" a rubuce, ko da ta faɗa da baki. Ba na jingina aikin nema da maganar Hausa a cikin bidiyo, rubutun shi ne tabbas. Facebook kuwa ba mu ɓata lokaci a kai ba, sunan shafi da unguwa da lambar waya muka daidaita muka wuce.

Akwai kuma wata al'ada tata da ta fi duk waɗannan yi mata illa. Mafi kyawun aikinta a `Status` na WhatsApp da `Story` na Instagram take sa shi. Dukansu bayan awa 24 suke ɓacewa, kuma na WhatsApp sai wanda yake da lambarta ita ma take da tasa ne zai gani. Wato tana baje kolinta ne a tsakar gida, ga mutanen da suka riga suka san ta. Muka yi yarjejeniya duk abin da ya hau `Status` sai ya hau shafi da cikakken bayaninsa.

Makon farko ba abin da ya motsa, ta fara min kallon an yaudare ta. A mako na uku, a wayar 'yar maƙwabtan nan, `lalle gombe` ya fito da ita a jerin shafuka. Wannan gurbin sunan ne ya yi aikinsa, kuma shi ne mafi sauƙi, domin masu lallen da suka rubuta sunan garin a shafinsu ba su da yawa. Da a Kano ko Abuja take, da layin ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, kuma a can farin jinin shafi zai fi yin tasiri. A TikTok, cikin `Analytics` na kowane bidiyo ana nuna ta ina masu kallo suka zo, ko ta `For You`, wato jerin bidiyon da manhajar ke turo wa mutum da kanta, ko ta `Search`, wato gurbin nema. Abin da na nuna mata shi ne bambancin tafiyarsu. Bidiyon da `For You` ya ɗauka yakan yi tashin gwauron zabi kwana biyu ya mutu, kuma masu kallonsa daga ko'ina suke. Wanda ake samu ta `Search` kallonsa kaɗan ne, amma yana ɗigowa har bayan wata guda, kuma daga irinsa ne saƙon "nawa ne" yake fitowa.

Ma'aunin da na fi yarda da shi dai littafinta ne. Ta ƙara layi ɗaya gefen sunan kowace sabuwar kwastoma: a ina kika same ni, me kika rubuta. Bayan wata biyu muka zauna muka duba. Mafi yawa har yanzu ta bakin mutane suke zuwa, wannan bai canja ba kuma ban zata zai canja ba. Sabon abin shi ne wani rukuni da da babu shi: baƙin biki daga wasu garuruwa, ɗalibai mazauna kusa da jami'ar jiha a Tudun Wada, da matan ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Gombe. Duk mutane ne da ba su da goggo ko maƙwabciyar da za su tambaya. Nema a manhaja nasu ne. 'Yar Bolari da aka haifa a garin ba ta buƙatarsa, ta san mai lallen gidansu tun tana yarinya.

Sai kuma ta yi abin da kusan kowa ke yi idan ya ga dabara ta ci. Ba tare da ta gaya min ba, ta fara cusa Kano da Abuja da Kaduna da Bauchi a ƙarƙashin kowane hoto, ta ƙara dilka da gyaran jiki da kwalliya, alhali ba ta yin ko ɗaya. Saƙonni suka ƙaru, ta yi ta murna, har ranar da ta ɓata awa guda tana ciniki da wata, aka daidaita kuɗi, aka tsayar da rana, sannan matar ta turo adireshi a Kubwa ta Abuja. Wata kuma ta zo har gida neman dilka ta koma da fushi. Alamar wannan cutar ke nan: saƙo ya yi yawa, littafin biki bai ƙaru ba. Ta goge sunayen garuruwan da hannunta, ban ce mata komai ba. Ta bar Kumo da Dukku a wasu hotuna, don tana zuwa can idan an biya kuɗin mota.

Wani abin da nema bai iya yi mata ba shi ne amsa saƙo. Mai neman lalle a waya ba mutum ɗaya take tura wa ba, takan tura wa uku ko huɗu, ta tafi da wadda ta fara amsawa da farashi. Ƙanwata kuwa idan tana aiki hannunta cikin lalle yake, wayar tana cikin jaka har dare. Ta rasa amare biyu a haka kafin ta sa saƙon tarba a WhatsApp Business, mai faɗin daga nawa kuɗin yake farawa da kuma lokacin da za ta amsa. A kan rubuta farashi a fili mun yi jayayya, ta ce masu lalle 'yan'uwanta za su gani su karya mata. Har yanzu ba ta sa shi a shafi ba, a saƙon tarbar kawai yake, kuma na bar ta, don ta fi ni sanin kasuwarta.

Da azumi ya shigo na tuna mata yadda gyaran farko ya ɗauki makonni kafin ya nuna. Idan tana so a same ta da `kunshin sallah gombe` a goman ƙarshe, to tun goman farko za ta ɗora. Ta tono hotunan sallar bara ta rubuta musu bayani, ta yi bidiyo uku da hannun ƙannenta. Ana jibi sallah na biya gidan goggo da yamma, na tarar da takalma jibge a ƙofar ɗaki, wasu 'yanmata biyu da ban san su ba suna zaune kan tabarma sun baza yatsu suna jiran ya bushe. Ƙanwata ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Yaya, don Allah ɗauko littafin nan a kan firij, ka tambaye su me suka rubuta, hannuna ba dama." Ɗaya ta ce `henna gombe`. Ɗayar ta ce ita ba ta rubuta komai ba, ƙawarta ta biyo.